Hunturu a Gusau: yadda ake tsare fata, ɗaki da shimfiɗa daga asuba zuwa dare

Ranar da ka bi hanyar Funtua ka duba inda dutsen Kwatarkwashi yake ka ga hazo ya lulluɓe shi sai inuwarsa, to hunturu ya sauka sosai. Iskar tana zuwa ne daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, kuma kaso mai yawa na farar ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, wurin da a da can ƙasan tafki ne. Shi ya sa ƙurar hunturu ba irin jar ƙasar unguwa ba ce. Laushi gare ta kamar garin alabo, tana bin duk kafar da iska za ta bi. Daga ƙarshen Nuwamba take farawa, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ta ja har cikin Fabrairu.

Mu a nan sanyin muke kuka da shi, amma in aka duba ma'aunin zafi, a Gusau da asuba yakan sauka ne zuwa wajen 14 ko 15, da azahar kuma ya haura 30. Wannan ba sanyin da zai tsaga diddigen mutum ba ne. Abin da ke yi mana ɓarna bushewa ce. Danshin iska da yake haura kashi 70 cikin 100 a watan Agusta, a tsakiyar hunturu da rana yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Busasshiyar iska kuwa duk inda ta samu ruwa sai ta zuƙe: a fatarka, a leɓenka, a cikin hancinka. Na shekara da shekaru ina sayen rigunan sanyi ina tara wa yara, ƙafafunsu na ci gaba da tsagewa, kafin na gane cewa aikin gida a wannan lokaci biyu ne, riƙe ruwa a jiki da hana ƙura wurin zama. Ɗumi yana zuwa ne na uku.

Wanka da shafa mai

Uwar mijina ce ta fara gyara mini. Ta same ni wata safiya ina murza wa yarona basilin a ƙauri, fatar ta yi fari fat, man ya zauna a sama yana ƙyalli. Ta ce, "Ke ɗiyata, je ki tambayi majema, ba su shafa wa busasshiyar fata mai. Jiƙa ta tukuna." Na ce, "Inna, ai da safe na yi mashi wanka." Ta ce wankan da aka yi awa biyu da suka wuce iska ta riga ta shanye shi.

Gaskiyarta. Mai ba ya sa wa fata ruwa, rufe ruwan da ke cikinta yake yi. Saboda haka lokacin shafawa ya fi irin man muhimmanci. Da ka fito daga wanka, kada ka murje jiki da tawul. Ka dangwala shi a hankali, ka bar jikin da ɗan damshi, ka shafa man nan take a cikin ɗaki, kafin minti uku ko biyar su wuce. Wanda ya fito ya tsaya a tsakar gida yana shan hantsi har ya bushe, sannan ya nemi mai, ya riga ya makara.

Ruwan wankan ya zama mai ɗumi kawai, wanda za ka iya tsoma gwiwar hannu ka bar ta ciki ba ka janye ba. Na san daɗin ruwa mai tururi da asuba, amma yana wanke maiƙon da fata ke yi wa kanta, kuma shi ne dalilin ƙaiƙayin nan da ke tasowa bayan wanka a ƙauri da baya. Wanka ɗaya a rana ya isa. Sabulu a kai shi inda ake bukata, hammata da matsematsi da ƙafa, ba sai an yi wa dukan jiki kumfa kullum ba. Soso mai kaushi a ajiye shi sai bazara. Sabulun wanki na sanda, da sabulan da ake cewa na kashe ƙwayoyin cuta, sun fi kowane busar da fata, kada a yi wa yara wanka da su. In da hali, wankan yara ya koma hantsi ko bayan sun dawo daga makaranta. Da safe a goge musu fuska da wuya da hannu da jiƙaƙƙen tsumma, a bi da mai.

A kan irin man, ra'ayina ba ya canzawa: man kaɗanya ga jiki, basilin ga wuraren da suka fi shan wahala, wato leɓe, diddige, gwiwa da bayan hannu. Man kaɗanya yana daskarewa a wannan lokaci, sai ka ɗebi kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu ka murza a tafin hannu har ya narke. Mayukan kanti masu ruwa-ruwa da ƙamshi, na damina ne. Kafin azahar sun tashi. Masu son gilisarin kada su shafa shi zallansa, yana yin danƙo ya kama ƙura. A zuba kashi ɗaya a kwalba, a ƙara ruwa mai tsabta kashi uku, a girgiza, a shafa, sannan a rufe da man kaɗanya a kai.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, alwala. Sau biyar a rana muna wanke fuska da hannu da ƙafa, sau da yawa da ruwan buta da ya kwana a waje, sannan mu fita cikin iska da jiƙaƙƙiyar fata. Ruwan na tashi yana tafiya da na cikin fatar. Shi ya sa bayan hannu da diddige ke riga ko'ina tsagewa. Maganin ƙarami ne: ƙaramin gwangwanin basilin a aljihu ko a jaka, ko kusa da inda ake ajiye darduma, a ɗan shafa bayan an idar da salla. Kuma a cika fulas da ruwan zafi tun dare, a sirka na alwalar asuba da shi, musamman ga tsofaffi.

Faso

Bara maigidana ya bar diddigensa har ya kai ga yana ɗingishi. Aikinsa na yawo ne a kan babur da silifas, ga alwala a duk masallacin da salla ta riske shi. Kaushin ya yi kauri, ya tsage wuri uku a ƙafar dama, ɗaya har yana fitar da jini in ya taka da ƙarfi. Abin da ya fara yi shi ne abin da kowa ke yi, ya sa reza ya fere. Kada a yi haka. Reza ba ta san iyakar mataccen kaushi da rayayyen nama ba, kuma a hannunsa ma ciwon ƙaruwa ya yi.

Ga yadda muka bi da shi. Kowane dare bayan isha, ya tsoma ƙafa a roba mai ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15, ba fiye ba. Sai a goge gefen kaushin da dutsen goge ƙafa a hankali, ana kauce wa bakin tsagar, kaɗan kawai a kowane dare. A dangwale ruwan, a cika tsagar da basilin sosai, a shafe dukan diddigen, a sa safar auduga a kwana da ita. Tsagar da ke jini mun wanke ta da ruwa da sabulu, muka sa basilin muka rufe da filasta har ta haɗe, ba mu kai dutse kusa da ita ba. Da rana kuma ya bar silifas ya koma takalmi mai rufe diddige da safa, wanda shi ne ya fi yi masa wuya, kuma shi ne ya fi aiki. Cikin kwana huɗu zafin takawa ya tafi, wajen mako biyu tsagar ta rufe. In kaushin ya yi kauri ƙwarai, a kemis akwai man ƙafa mai sinadarin yuriya, yana tausasa shi fiye da basilin, amma yana zafi a buɗaɗɗen ciwo.

A kula da alamun da ke cewa abin ya wuce gida: wurin ya kumbura, ya yi zafi in an taɓa, ko yana fitar da mugunya. Mai ciwon suga kuwa kada ya jiƙa ƙafa, kada ya goge da dutse, domin yana iya jin ciwo bai sani ba, ciwonsa kuma ba ya saurin warkewa. Shi tsaga ko ƙarama ce a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Leɓe ba ya bukatar dogon bayani. Lasa ce ke kashe shi, miyau na bushewa ya bar shi ya fi da. Yaron da ka ga baƙin zobe ya zagaye bakinsa, lasa yake yi. Basilin da safe, da dare, da bayan cin abinci, kuma kada a ɓare ɓawon.

Hanci da ƙirji

Haɓo yana yawa a yara a wannan lokaci saboda cikin hanci ya bushe ya yi ɓawo, yaro ya sa yatsa. In ya ɓalle, kada a ɗaga kai sama kamar yadda aka saba, jinin maƙogwaro yake bi. A zaunar da yaron, ya ɗan sunkuyo gaba, a matse wuri mai laushi na hancin da yatsu biyu minti 10 cur ba a saki ana leƙawa ba, yana numfashi ta baki. In an yi haka sau biyu bai tsaya ba, sai asibiti. Don rigakafi, a tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata ɗaya, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe ba tozo, a bari ya huce, a ɗiga biyu ko uku a kowace kafar hanci safe da dare. A riƙa yin sabo kullum. Man zafi da kafur kada a cusa su a hancin kowa, jariri kuwa ko a ƙirji kada a shafa masa.

Mai hawa babur ya rufe hanci da baki. Rawani ko takunkumin ƙyalle yana tare ƙurar hanya mai gari-gari, yana kuma ɗumama iskar da ake shaƙa, amma lallausar ƙurar hazo tana ratsa shi. Mai asma, ranar da hazo ya yi kauri har rana ta zama kamar farin faranti, ya nemi takunkumi mai lamba N95 in zai fita, abin shaƙarsa kuma kada ya bar aljihu. Mai sikila sanyi da ƙarancin ruwa a jiki duka suna tayar masa da ciwo, don haka a bi shi da ruwan sha ko bai nema ba. Kowa ma haka, domin sanyi na ɓoye ƙishirwa. In fitsari ya yi ja-ja, ruwan da ake sha bai isa ba.

Ɗaki

Ka fara da gano tagogin da ke kallon arewa da gabas, nan ne ƙofar ƙura. Waɗannan a rufe su tun farkon Disamba. In gilashin luba ne, ko ƙarfen da ba ya haɗuwa da kyau, a cusa tsumma ko jarida a kafofin, a rataya labule mai kauri wanda ya wuce faɗin tagar. Ƙarƙashin ƙofa a nannaɗe tsohon zane a tare. Iska kuma dole ta shiga ɗaki, sai a riƙa buɗe tagar kudu ko yamma da la'asar, lokacin da iskar ta lafa.

Shara da busasshiyar tsintsiya a hunturu aikin banza ne. Ƙurar tashi take yi, ta yi yawo a ɗakin, ka shaƙi rabonka, sauran ta sauka a kan gado bayan ka fita. A fara daga sama: jiƙaƙƙen tsumma da aka matse sosai, a bi kan durowa, bakin taga da kan gado, sannan a sauko ƙasa a goge leda ko siminti da shi. Tsakar gida a yayyafa ruwa kafin shara. Na san ruwa a Gusau ba abin wasa ba ne, mu ma daga 'yan garuwa muke saye, shi ya sa ruwan ɗaurayar wanki ba na zubar da shi, shi nake gugar ɗaki da yayyafi da shi. Kafet mai gashi kuwa, in akwai mai asma ko jariri a gidan, a naɗe shi a ajiye sai damina. Rumbun ƙura ne.

Mutane na ajiye bokitin ruwa a ɗaki don danshi. Ba ya yin wani abin kirki, fuskar ruwan ta yi kaɗan. Jiƙaƙƙen tawul ko zane da aka baza a kan igiya ko bayan kujera ya fi shi nesa ba kusa ba. Da safe za ka same shi a bushe ƙamas, ruwan nan ɗakin ya shiga. Ga kuma haɗarin bokiti inda akwai yaro mai rarrafe.

Shimfiɗa

Yarana uku suna kwana a katifa ɗaya a ƙasa, kuma akwai shekarar da na lulluɓe su da babban bargo amma kullum da asuba a dunƙule nake samunsu. Da na sa hannu ƙarƙashin katifar sai na ji sanyin ta ƙasa yake shigowa. Siminti da tayil suna zuƙe ɗumin jiki fiye da iskar ɗaki, siririyar katifa kuma ba ta tare shi. Na shimfiɗa kwalaye biyu da aka buɗe, na ɗora tabarma, sannan katifa, na kuma ja ta kamar taki ɗaya daga bangon da ke kallon waje. Daren nan suka miƙe ƙafa. Wanda ke kwana a tabarma zalla ya fi kowa bukatar wannan, abin da zai sa a ƙasa ya fi wanda zai rufa da shi amfani.

A sama, mayafi biyu marasa nauyi sun fi bargo ɗaya mai kauri, saboda iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi, kuma farkon dare ba sanyi sosai, sai wajen ƙarfe 3 zuwa asuba yake sauka. A fara da zanen auduga a jikin fata, bargo a kansa. Bargon roba mai gashi in ya taɓa busasshiyar fata kai tsaye yana ƙara ƙaiƙayi, shi ne kuma mai tartsatsin nan cikin duhu. Bargon da aka ciro daga ajiya, ko aka sayo na gwanjo a Tsohuwar Kasuwa, a wanke shi a shanya ya sha rana kafin a rufa da shi, in ba haka ba atishawa da tari za su fara tun daren farko a ɗora wa hunturu laifi.

Da safe a kaɗe shimfiɗar a waje, a ninke bargo, a rufe gadon gaba ɗaya har matashin kai da wani tsohon zanen gado. Da dare a ɗage shi a hankali ta hanyar naɗe gefunansa zuwa tsakiya, kada a fizge. Ƙurar yini tana kansa, ba inda za ka sa hanci ba. Gidan sauro shi ma yana tara ƙura a samansa, a sauke shi a kaɗe a waje duk mako. Jariri a sa masa kaya ninki ɗaya fiye da na uwarsa, da safa, a kwantar da shi rigingine, kada bargo mai nauyi ya kai fuskarsa. A taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa: in da gumi, kayan sun yi yawa.

Kasko

Wannan ba na yi masa sassauci. Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ko da ya yi ja ya daina hayaƙi. A ɗakin da aka toshe duk kafofinsa saboda ƙura, kamar yadda na ce a yi, taruwa take yi, mai barci kuma ba ya farkawa ya ji ta. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, musamman in mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka ji tare. In haka ta faru a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ƙofa da taga, a tafi asibiti. Jin ɗumi a yi shi a tsakar gida ko a zaure mai buɗe, kuma kasko ba ya kwana a ɗaki, ko da toka aka rufe shi. Janareta ma hukuncinsa ɗaya. In ana son gado ya yi ɗumi, a zuba ruwan zafi, ba tafasasshe ba, a gora mai murfi mai kyau, a naɗe da tawul a sa cikin bargo kafin a kwanta, a cire in yara za su shiga.

Lokacin gobara ne kuma, komai a bushe yake ga iska. Hijabi da zanen roba in suka kama wuta narkewa suke yi su manne a fata, don haka yarinya mai dogon hijabi kada ta tsuguna gaban murhu jin ɗumi. Hitar bokiti a zare ta daga soket kafin a taɓa ruwan, kuma in an ɗauke wuta a zare ta nan take, kada a dawo da wuta ba kowa.

Tufafi da wanki

Tunda asuba da azahar kamar gari biyu ne, a yi shiga hawa-hawa: singileti ko rigar auduga a ciki, rigar makaranta ko kaftani, sannan suwaita mai zif ko maɓalli wadda yaro zai iya cirewa da kansa wajen ƙarfe 11. Suwaitar da ake sawa ƙarƙashin yunifom ba ta ciruwa, yaro ya yini yana gumi a ciki. Hular sanyi mai rufe kunne da safa sun fi rigar sanyi ta biyu amfani. Mata kuma a yi kitson da zai daɗe, a riƙa shafa mai a fatar kai bayan an ɗan yayyafa ruwa, a kwana da ɗankwali, domin gashi a hunturu karyewa yake yi.

Wanki yana bushewa cikin awa ɗaya ko biyu, kuma duk mintin da ya ƙara a igiya bayan haka ƙura yake kwasa. A juya kayan bai-bai kafin shanya, a shanya a gefen da gini ya tare iskar gabas, a kwashe da zarar sun bushe, a kaɗe, a ninke a rufe. Farar shadda mai sitati ta fi komai kama ƙura tana jiƙe, kuma in ta kama sai an sake wanki, don haka a jira ranar da sama ta washe, ko a shanya ta a ƙarƙashin rumfa. A ɗauraye omo sosai, ragowarsa a jikin tufa na cikin abin da ke sa ƙaiƙayi. Mai wankin kuma ta shafa basilin a hannu da ta gama, hannun na da damshi.

Wajen ƙarshen Fabrairu dare zai fara sakin sanyi, amma ƙura da bushewa suna nan har cikin Maris da Afrilu, kuma lokacin ne sanƙarau ya fi yaɗuwa. Zamfara ba ta manta da annobar da ta fara a ƙarshen 2016 ta shiga 2017 ba. Saboda haka da zafi ya fara, a ciro tsummokaran da aka toshe tagogi da su, a rage cunkoson masu kwana a ɗaki ɗaya, kuma zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a kai shi asibiti a ranar, kada a ce mura ce. Barguna da suwaitoci a wanke su, su bushe sarai, a ɗaure a cikin leda ko jaka mai zif a ɗora a sama inda danshin damina ba zai kai ba. Gwangwanin basilin dai a bar shi kusa da darduma har ruwan farko ya sauka.